Inji Huɗu, Hannu Ɗaya

Ban yi makaranta ba. Maƙwabciyata ce take rubuta wannan, ni ina faɗa mata, kuma na roƙe ta kada ta gyara mini inda ya yi muni. Shekara shida ke nan da rasuwar maigidana, har yau idan na zo kan maganarsa sai na tsaya na share fuska.

Man gyaɗa da ƙuliƙuli ne sana'ar gidanmu a Sokodé, a zango. Wurin mahaifiyata na koya, ita ma wurin tata uwar. Duk mace ta san hanyar: a ɓare gyaɗa, a soya ta a kasko da rairayi, a murje, a bakace, a markaɗa, sannan a zuba a turmi ana juyawa ana ƙara ruwan zafi kaɗan-kaɗan har mai ya fito ya rabu da tunkuza. Amma a wuri biyu ake gane wadda ta iya. Na farko suya. Idan gyaɗar ba ta soyu ba, mai ba ya sakuwa. Idan ta wuce, ya yi duhu da ɗaci. Na biyu ruwan nan. Idan ya yi kaɗan, man ya maƙale a ciki. Idan ya yi yawa, markaɗen ya saki jiki, aikin yini ya lalace. Mahaifiyata tana gane suya da hanci da kunne, tana gane ruwa da babban yatsa. Ta koya mini, ta kuma ɗora mini doka irin wadda aka ɗora mata: 'yar cikinki kawai za ki nuna wa. Matar ɗa yau tana gidanki, gobe idan aure ya mutu ta tafi da shi gidan wani, ta kafa miki kasko a ƙofa.

Ni kuwa 'ya'ya mata biyun da na haifa ba su rayu ba. Ɗa guda Allah Ya bar mini, shi ne kuma na fari, don haka ko sunansa ba na kamawa.

Maigidana shanu yake saye a arewa yana kai wa mahauta. A kan abincin gidan nan kuwa, rabi nasa ne, rabi na turmina. Da yake a lokacin sai mun kai gyaɗa injin unguwa mun bi layin masu masara, wata rana ya sayar da sa guda ya sayo mini injin markaɗe nawa na kaina, mai shan gazuwal, wato man dizal. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Abin da nake yi a mako sai na koma yin sa a kwana biyu. Muka sa kwano a ɗakunan da suke yoyo, muka ja ruwan famfo. Mata suna wucewa suna leƙen ƙofarmu. Tun daga nan na sa a raina cewa arziki ƙarfe ne, wanda ya tara shi ya huta.

A shekarun nan ɗana ya auro yarinya daga Dapaong, 'yar wani mahauci abokin cinikin ubansa. Ta ɗan yi lakwal, wato makarantar boko, ta iya karatu da lissafi, ga ta da tambaya kamar alƙali. Ba ta da ƙyuya, wannan kam ban taɓa yi mata ƙarya a kai ba. Ita ke ɓara, ita ke bakace, ita ke wankin turame. Amma da zarar na ɗora tukunyar ruwan zafi, sai na tuna babu gishiri a gidan, ko a kai wa wance saƙo. Ta gane. Wata rana ta tsaya da gyale a hannu ta ce, “Inna, gishirin jiya fa yana nan, ko buɗe shi ba a yi ba.”

Na ce, “To ki sayo na gobe.”

Ta yi dariya ta fita. Dariyar tata ba ta raini ba ce, shi ya sa ta fi yi mini zafi.

Da ciniki ya buɗe, na matsa aka sayo inji na biyu. Ya ƙara mana wani abu, domin idan ɗaya ya tsaya ɗaya yana aiki, amma ko kusa bai yi abin da na farko ya yi ba. Na ce laifin juyin turmi ne, aka sayo injin da ke juya markaɗe da kansa. Shi ma ya rage wa ma'aikatana biyu ciwon kafaɗa, man da muke fitarwa a mako kuwa da kyar ya ɗaga. Dalilin a fili yake, ni kaɗai ce na ƙi gani. Duk gyaɗar da za ta shiga waɗannan injuna sai ta bi ta kaskona, kuma ni kaɗai ke cewa ta soyu. Duk markaɗen da za a matse, sai ni na zuba masa ruwa. Idan ina wurin suya, injin juyi yana jira. Idan ina wurin ruwa, kasko ya huce. Shi kuma ƙarfe ko yana aiki ko yana zaune cin abincinsa yake yi: faifan niƙa ya cinye a kai shi wasawa, bel ya tsinke, tsatsa ta kama, makanike ya zo ya tafi. Da inji ɗaya ban san da wannan ba. Da uku sai na ga rabin wahalata su nake yi wa.

Maigidana yakan zauna a bakin zaure da hantsi yana kallonmu. Ya ce, “Hajiya, waɗannan injunan naki kamar masu jiran likita. Ga su a jere kan benci, likita ɗaya ne, shi ma ya tafi salla.”

Na ce, “Alhaji, ka tsaya kan shanunka.”

“Ai a kansu nake. Ko garke dubu ne da ni, in makiyayi ɗaya ne, iyakar inda ƙafarsa ta kai nan za su ci. Ki koya wa yarinyar nan.”

“In koya mata ta tafi da shi?”

“In ta tafi da shi, naki zai fita daga kanki ne?”

Na ɗauki tsintsiya na hau sharar inda na riga na share.

A lokacin jikoki sun kai uku, ɗana kuma ya bar bin ubansa fatauci ya dawo yana kula da injuna da kai mai kasuwanni. Bakuna suna ƙaruwa, man da ke fita yana nan inda yake shekara da shekaru. Ya fara cewa gidan ba zai ɗauke mu duka a haka ba. Wannan ita ce maganar da ke gabanmu, kowa ya sani: ko sana'ar ta girma ta riƙe su a Sokodé, ko su nemi wani wuri.

Sai aka yi haihuwa a wurin danginmu na Langabou, na tafi suna na kwana uku. Na bar umarni a ɓare gyaɗa kawai a jira ni. Da na dawo, tun daga zaure na ji ƙamshin mai. Na shiga na tarar da bido biyu, manyan jarkokin nan, cike, ƙuliƙuli yana shan iska a faifai, matar ɗana tana tsaye gefe tana murza hannuwanta.

Ba satar sirrina ta yi ba, hanyarta ta nemo. Ta lura cewa abin da ke sa suya wuya shi ne gyaɗar ba girmanta ɗaya ba, ƙanana su ƙone manya ba su soyu ba. Sai ta sa maƙeri ya huhhuje mata faranti biyu, ɗaya manyan huji ɗaya ƙanana, ta tankaɗe gyaɗar ta raba ta gida uku, ta tsince masu fumfuna da motsattsu ta zubar, ta soya kowane kashi daban. Ruwa kuma, ashe watanni tana duba tukunyata kafin ta tafi aikena da bayan ta dawo, tana ganin inda ruwan ya sauka. Ta samo ɗan kofi, ta gwada a markaɗe kaɗan-kaɗan har ta san kofi nawa ke shiga kwano nawa. Da man ya fito ta dafa shi ruwan ya ƙone, ta bar shi ya kwanta, ta tace da farin ƙyalle, abin da ni ban taɓa yi ba.

Na tsoma yatsa na ɗanɗana. Man bai kai nawa ƙamshi ba, amma ya fi nawa haske, kuma babu abin da za a ce da shi. Maigidana da ɗana suna tsaye suna jiran bakina.

Ta ce, “Inna, yaya? In akwai gyara ki faɗa mini.”

Na ce, “Ya ƙone. Wannan ko a fitila ba na zuba shi.”

Ɗana ya sunkuyar da kai. Maigidana ya dube ni ya daɗe, sannan ya koma zaure.

Abin da na yi washegari shi ne ban taɓa faɗa wa kowa ba sai a Dapaong, sai kuma yau. Akwai wata Bakotokoliya, 'yar asalin garin, mai suyar doya a bakin tasha, koliko suke ce masa, wadda ta fi kowa tsirfa cikin masu sayen maina. Na juye man nan a bidona na ba ta a matsayin nawa. Bayan kwana biyu ta aiko a ƙaro mata irinsa, wai bai yi mata kumfa a kasko ba. Saƙon a tsakar gida aka faɗe shi, matar ɗana tana shanya kayan yara. Na ga hannunta ya tsaya a kan igiya, sannan ta ci gaba da shanya.

Bayan haka ɗana ya same ni da magana. Ya ce matarsa ta ga a Dapaong ana suyar gyaɗa a cikin tano, gangar ƙarfen nan, an ɗora ta a kan wuta ana juya ta da hannu, tana cin abin da kasko biyar ke ci, kuma maƙerinmu ya ce zai iya. Ya ce akwai wata ƙungiyar mata can da ke koyar da aikin gyaɗa na 'yan makonni, a bar ta ta je ta dawo ta koya wa ma'aikatanmu, ni kuma in nuna mata nawa. Abin da muka ɗan tara zai isa.

Na ce abin da muka tara na inji ne. Na riga na ga wani babban injin markaɗe mai aiki da lantarki.

Ya ce, “Inna, ukun da muke da su ma ba su ƙoshi ba.”

Na ce, “Inji ina kulle shi da kwaɗo in kwana da mabuɗi. Abin da ka zuba a kan matarka, da me za ka kulle shi?”

Haka na faɗa, ita kuma tana ɗaki tana ji. Aka sayo inji na huɗu. Mata suka zo kallo, aka yi mini barka. Mai bai ƙaru da ko ludayi ɗaya ba.

Kafin damina ta zagayo suka tashi suka koma Dapaong, shi da ita da yaran. Ba a yi faɗa ba. Ta durƙusa ta ce in yafe mata abin da ta yi mini, na ce babu komai, Allah Ya kiyaye hanya. Na ba su tsohon injin farko don kada a ce na sallami ɗana hannu wofi. Maigidana ya raka su tasha, ya dawo ya zauna a zaure bai ci abincin rana ba.

Shekara huɗu ya yi bayan tafiyarsu. Bai taɓa ce mini ke kika jawo ba. Sai dai idan ya sayo alewa a hanyar masallaci bisa sabo, ya tsaya da ita a hannu a tsakar gida, sannan ya miƙa wa 'ya'yan maƙwabta. Ciwonsa na kwana biyu ne. Ya yi ta tambaya ko motar arewa da za ta kawo ɗanmu ta iso. Ta iso bayan an dawo daga maƙabarta.

Da na fita takaba na ci gaba da sana'a, amma gwiwa ta fara ƙi, ido ya rage. Ranar da ban tashi ba, babu abin da ke motsi a gidan. Ma'aikatana sun yi fiye da shekara goma a wurina, ba wadda ta iya zuba ruwa, domin ban bar su sun iya ba. Ɗaya bayan ɗaya suka tafi. Na rufe injuna da buhuna.

Shekara uku da suka wuce ɗana ya zo ya ɗauke ni in je Dapaong a duba mini ido. Ina tsammanin zan tarar da gida cike da ƙarfe, tunda labari yana zuwa mini cewa mansu yana zuwa har Lomé. Na shiga na ga tsohon injina ɗaya, sai wani guda da ba su daɗe da saye ba. Amma ban ji sun yi shiru ba tun safe har la'asar. Tano uku suna juyawa a kan wuta, wutar ma ɓawon gyaɗa ne. Mata sun kai goma sha biyu, Hausawa da 'yan ƙabilar Moba, kowace ta iya kowane aiki. Idan wata ta tashi shayar da ɗa, wata ta zauna a wurinta ba a tsaya ba. Matar ɗana ta zagaya da ni tana riƙe da hannuna. Ta ce shekarar farko tankaɗe da kofi kawai suke da shi. Ta biyu tano. Wata 'yar Moba ce ta kawo dabarar ƙona ɓawo a madadin itace. Wata kuma ta ce me zai hana a niƙa tunkuzar da ta fi tsabta a haɗa da gero a yi garin kunun yara, yanzu shi ma kasuwarsa daban. Ta ce inji na biyu sai da gyaɗa soyayya ta yi ta taruwa tana jiran niƙa sannan suka saya.

Na ce, “Duk waɗannan kin koya musu? Ba su gudu da shi?”

Ta ce, “Suna gudu mana, Inna. Biyu suna Gando, ɗaya tana Mandouri, kowace da tanonta.”

“Ba su karya miki kasuwa ba?”

“Sun taɓa ni, ba zan ɓoye ba, akwai shekarar da farashi ya sauka muka ji a jikinmu. Amma yanzu masu manyan motoci sun san in suka zo yankin nan za su cika mota da mai mai kyau, da can ba su tsayawa. Ta Gandon nan kuma ita ta aiko mini da yadda ake gyara murhu ya daina cin wuta. Ni da na ba ta kofi ɗaya.”

Muka zauna a inuwa. Na ce mata ina da magana. Na faɗa mata man nan bai ƙone ba, na faɗa mata inda na kai shi.

Ta ce, “Na sani, Inna. Ai a gabana aka kawo saƙon.”

“Na san kin sani. Ina so ki ji daga bakina.”

Ta ɗan yi wasa da bakin zanenta. Ta ce ta yi kuka a lokacin, ta kuma daɗe da yafewa. Sannan ta ce, “Amma ina bin ki abu ɗaya. Kofina yana yi mini ƙarya idan sabuwar gyaɗa ta shigo. Kowace kaka sai mun ɓata markaɗe kafin mu daidaita. Ke kuwa ban taɓa ganin kin ɓata ba.”

Na ce, “Sabuwa da ruwanta take zuwa. Kofi ba ya ji, yatsa ke ji.”

“To ga yatsa.”

Aka kawo turmi da markaɗe da ruwan zafi. Ina shirin kama hannunta sai na ji ta ɗaga murya tana kiran matan nan duka su bar abin da suke yi su zo. Na ji muryar mahaifiyata a kunnena sarai, har bakina ya buɗe zan ce a sallame su. Suka kewaye ni, wata da goyo, wata da gari a gira. Wata 'yar Moba mai Hausa a karkace ta ce, “Kaka, ka matsa kaɗan, ni gajere ne, ba na gani.” Aka yi dariya, ni ma na yi, na matsa.

Na nuna musu yadda ake danna babban yatsa a markaɗe a duba ramin: idan bakinsa ya tsage, da saura, idan ya rufe da sauri, an kusa wucewa, a dakata, idan ya tsaya mai ya taru a cikinsa yana ƙyalli, a ɗauke ruwa. Na kama yatsun su ɗaya bayan ɗaya na danna. Abin da na ɓoye shekara arba'in bai kai tsakanin azahar da la'asar ba. Na suya kuwa ban iya ba su duka ba, domin hancina ya mutu, sai abin da kunne ya riƙe. Wannan rabin zai bi ni kabari, kuma ni na yi masa haka.

Kafin in dawo na roƙi ɗana su koma gida. Na ce ga injuna uku a rufe, ga ɗakuna babu kowa. Ya dubi matarsa. Ita ta amsa, a hankali.

Ta ce, “Inna, inji ana ɗora shi a mota. Waɗannan matan fa? Mazansu da gonakinsu a nan suke. Yara kuma a nan suka saba. Ke dai ki dawo wurinmu.”

Ban yi musu ba, domin gaskiya ta faɗa. Jikokina sun girma suna jin Moba, ba su san ko gaisuwa da Kotokoli ba, ƙaramar ma ba ta tuna fuskar kakanta. Da na bar uwarsu ta tsaya kusa da tukunyar nan, da a tsakar gidanmu wannan taron yake, da Alhaji ya rasu da jikokinsa a gefensa. Ita na samu na roƙe ta gafara. Shi ban samu ba, sai dai addu'a.

Ban koma Dapaong gaba ɗaya ba, ba zan iya nisa da inda yake kwance ba. Idan an cire gyaɗa nakan je in yi wata biyu, in zauna a kujera sababbin mata su kawo yatsunsu. Sauran shekara ina nan Sokodé. Na zuba 'yan haya a ɗakin ɗana, ma'aurata ne masu ƙananan yara, don in riƙa jin motsi a gidan.